Bayan “discuss” Babu “about”: Mu Daina Haddace Firifozishan Ita Kaɗai

Duk wanda ya kai shekarar ƙarshe ya san fargabar ranar da mutum zai je karɓo babi na ɗaya na furojet daga wurin sufabaiza. Ni nawa furojet ɗin a kan yadda manoman garinmu Kahu, a ƙaramar hukumar Kibiya, suke adana hatsi bayan girbi ne. Na yi kusan mako uku ina rubuta wannan babi, ina ganin na ƙure Turanci. Da takardar ta dawo sai na ga jan biro ya yi mata kaca-kaca. Malam bai taɓa manyan kalmomin da na wahala wajen nemowa ba. 'Yan ƙananan nan ya bi yana kewayewa: “about”, “with”, “to”, “on”.

Na ce, “Malam, ai ana gane abin da nake nufi.” Ya ce, “Ana ganewa mana. Amma wanda zai karanta takardarka ta neman aiki ba zai kira ka ya tambaye ka me kake nufi ba.”

Maganar ta yi mini zafi a lokacin, amma ita ta sa na zauna na bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Abin da na fahimta shi ne ra'ayin da nake son in kare a nan: waɗannan kurakurai ba na daƙiƙanci ba ne, kowanne yana da dalilinsa, kuma hanyar da aka bi da mu wajen koyon firifozishan tun daga firamare ita ce take raya su. An ba mu jeri mun haddace: “on” a kan, “in” a ciki, “with” da, “to” zuwa, “about” game da. Wannan jeri yana aiki in ana maganar kofi a kan tebur. Da zarar an zo aikatau sai ya watse, domin a Turanci aikatau shi yake zaɓar 'yar rakiyarsa, wani lokacin ma ya ce ba ya son rakiyar kowa.

Ga sakin layin da na rubuta, ban gyara komai ba, don kada a ce ina ɓoye tawa ina tona ta wasu:

“This chapter discusses about the problems farmers in Kahu face after harvest. Most of them depend with one harvest in a year. When the researcher arrived to the village, the farmers emphasised on the damage caused by insects. Poor storage results to loss of grain.”

Jimla huɗu, kuskure biyar. Mu bi su a hankali.

Na farko shi ne “discusses about”, wanda kusan kowa a cikinmu ya taɓa rubutawa. Waɗanda suka yi nahawun Hausa a sakandare za su tuna da aikatau so-karɓau, wato wanda yake faɗa wa abin da aikin ya shafa kai tsaye, kamar “ya sayi dawa”, da kuma ƙi-karɓau, kamar “ya zauna”. To “discuss” so-karɓau ne. Abin da aka tattauna yana biyo bayansa babu komai a tsakani: “This chapter discusses the problems.” Shi ke nan.

To me ya sa hannunmu yake ƙara “about”? Dalili biyu ne suka haɗu. Na ɗaya daga Hausa yake. Mun saba cewa “mun tattauna a kan matsalar” ko “game da matsalar”, sai kwanya ta nemi inda za ta ajiye wannan “a kan” ɗin a Turanci. Na biyu daga cikin Turancin kansa yake. Ana cewa “talk about”, ana cewa “speak about”, kuma sunan da aka samo daga aikatau ɗin yana ɗaukar firifozishan: “a discussion about the problem” daidai ne ɗari bisa ɗari. Kunne ya ji “discussion about” sau da yawa, sai ya ɗauka aikatau ma haka yake. Shi ya sa ba Bahaushe kaɗai yake wannan kuskure ba. Ana jin sa a Legas da Inugu, ana jin sa har a Indiya, a bakin mutanen da ba su san Hausa ko ta sannu ba.

In kana shakkar wannan dalili na biyu, dubi “emphasised on” da ke jimlata ta uku. A Hausa cewa muke yi “sun jaddada ɓarnar ƙwari”, babu “a kan” ko ɗaya. Ke nan ba Hausa ce ta ingiza ni ba. Sunan ne ya yaudare ni: “lay emphasis on something” daidai ne, amma aikatau ɗin “emphasise something” ne kawai. Wannan dangi yana da faɗi, kuma yawancinsu a takardun ofis suke fitowa. “A request for a transcript” daidai ne, amma “I request for my transcript” kuskure ne, sai dai “I request my transcript.” Haka “demand” da “order”: suna yana tafiya da “for”, aikatau ba ya so. Wanda ya gane wannan doka guda, cewa rakiyar suna ba lallai ta zama rakiyar aikatau ba, ya kashe kurakurai biyar ko shida da jifa ɗaya.

Sai “depend with”. Wannan kam Hausa ce zalla ta sa rigar Turanci. “Sun dogara da girbi ɗaya”, “ya danganta da farashi”. Jerin firamare ya ce “da” shi ne “with”, sai na ɗora. Abin da ake cewa shi ne “depend on”, ko “depend upon” a rubutu mai ɗan nauyi. A nan akwai abin lura. Da ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram ne ya rubuta jimlar, wanda ya yi karatunsa da Faransanci, da wuya ya ce “depend with”. Abin da zai fi rubutawa shi ne “depend of”, domin a Faransanci “dépendre de” ake cewa, kuma an koya masa “de” shi ne “of”. Masu jin Sifaniyanci ma haka, saboda “depender de”. Mu duka Hausawa ne, ni da ɗan Maraɗi, amma kuskurenmu ya bambanta, kowa yana bin harshen da ya fi tsaya masa a rai lokacin rubutu.

Kada ka wahalar da kanka neman hikimar da ta sa Turanci ya zaɓi “on”. Asalin kalmar daga Latin take, daga aikatau mai nufin rataya. Faransawa suka riƙe “de”, Jamusawa suna amfani da “von” a tasu kalmar, wanda ya fi kusa da “daga”, Turawan Ingila kuma suka tsaya a kan “on”. Babu wanda ya fi wani gaskiya. Sabo ne kawai. Mu ma in baƙo ya tambaye mu me ya sa ake “ji tsoron Allah” amma ake “dogara ga Allah”, ba mu da amsar da ta wuce haka ake faɗa.

Na gaba shi ne “arrived to the village”. Shi wannan yana da fuska biyu a wurinmu. Wasu suna sa “to”, saboda “go to” da “come to” sun zauna a baki, kuma an ce “to” shi ne zuwa. Wasu kuma ba sa sa komai, su ce “I arrived Rano”, daidai da yadda muke cewa “na isa Rano”. Wannan na biyun har a jaridun ƙasar nan za ka riƙa ganin sa, a ce gwamna “arrived Kano”. A Turancin da ake maka maki da shi, duka biyun ba su shiga ba. Shi “arrive” ba ya kallon tafiyar, yana kallon inda ka tsinci kanka bayan tafiyar ta ƙare, don haka yake ɗaukar kalmomin zama wuri. In gari ne ko ƙasa, “in”: “I arrived in Rano.” In gini ne ko wani takamaiman wuri kamar tasha, makaranta ko ofis, “at”: “I arrived at the motor park.” Ƙauye kuwa yana karɓar duka biyun. In gida ne, babu komai: “I arrived home.” Sannan ga abokinsa “reach”, wanda shi so-karɓau ne kamar “isa” ɗinmu: “I reached Rano.” Ma'ana kusan ɗaya, rakiya daban. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ma'anar kalma ba ta gaya maka firifozishan ɗinta.

Na ƙarshe, “results to”, shi ya fi ba ni tsoro, domin a nan ne maganar “ai ana ganewa” take rushewa. Mun ɗauko “to” daga “lead to”, da kuma “ya kai ga asara” na Hausa. Amma “result” rakiya biyu gare shi, kuma kowace tana juya jimlar wata fuska. “Poor storage results in loss of grain” yana nufin rashin kyakkyawar ajiya shi ya jawo asara. In ka sa “from”, ka ce “Poor storage results from loss of grain”, ka ce asarar ce ta jawo rashin ajiyar, wato ka kifar da binciken naka gaba ɗaya. Wanda bai riƙe bambancin “in” da “from” ba, ranar da aka hana shi “to” zai iya cafko wadda ba ita ba, a gaban malamai ranar difens. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ga yadda sakin layin ya koma bayan gyara:

“This chapter discusses the problems farmers in Kahu face after harvest. Most of them depend on one harvest in a year. When the researcher arrived in the village, the farmers emphasised the damage caused by insects. Poor storage results in loss of grain.”

Biyu an cire, uku an sauya. Ko kalma ɗaya babba ba a ƙara ba.

Yanzu bari in zo kan masu ja da ni, domin na yi wannan musu a hostal fiye da sau ɗaya. Wani abokina cewa ya yi, “Kai dai ka cika son wahala. Wannan ai Turancin Nijeriya ne, kuma duniya ta karɓe shi.” Maganarsa ba ta rasa tushe ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da “okada” da “danfo” da “Kannywood”. Tun a 1991 David Jowitt, Baturen da ya koyar a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, ya fitar da littafi sukutum a kan yadda 'yan Nijeriya suke amfani da Turanci. Masana sun daɗe da yarda cewa muna da namu salon, kuma ni ba na jin kunyarsa.

Amma a duba abin da aka karɓa. Kalmomi ne, wasunsu na abubuwan da muke da su waɗanda Bature ba shi da sunansu. Babu wanda ya ce an sauya dokar “discuss”. Mai makin Turanci a WAEC da NECO yana nan yana ja wa “discuss about” layi. Malamin GNS ma haka. Ranar da ka gama difloma ka nemi HND ko shiga jami'a kai tsaye, ko ka rubuta takardar neman aiki, ko ka zauna jarrabawar IELTS don neman tallafin karatu a waje, da wancan ma'aunin za a auna ka. Wataƙila nan da shekaru masu yawa “discuss about” ya zama karɓaɓɓe, tun da harshe yana sauyawa. Amma ni bana zan gama, kuma ba zan sa takardata ta zama filin gwajin wannan sauyi ba. A hira a kafteriya, faɗi yadda ka ga dama. A takarda, san wanda zai karanta.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, su ma ban yarda da su ba: masu fashewa da dariya in wani ya yi kuskure a gaban aji. Wallahi wannan ɗabi'a ta hana mutane da yawa buɗe baki, musamman mu da muka taso a makarantun karkara, da kuma 'yan uwanmu mata. Abin dariyar ma shi ne, mai dariyar da ya kama ka da “depend with”, in ka buɗe rahotonsa na SIWES za ka tarar da “comprises of” da “request for” a shafin farko. Wani masanin koyon harshe mai suna Pit Corder ya nuna tun 1967 cewa akwai bambanci tsakanin tuntuɓen harshe, wanda mutum zai gyara da kansa in an ce ya sake dubawa, da kuskuren da ya zauna a matsayin doka a kansa. “Discuss about” irin na biyun ne. Za ka karanta shi sau goma ba ka ga aibunsa ba, domin a kunnenka daidai yake. Dariya ba ta gyara irin wannan. Sai an nuna wa mutum dokar da yake bi, an ba shi wadda za ta maye gurbinta.

To mene ne abin yi? Abu biyu na gwada, kuma sun yi mini aiki.

Na farko, sauya yadda kake buɗe ƙamus. Yawancinmu ma'ana kawai muke dubawa mu rufe. Ƙamus ɗin nan na Oxford na masu koyo, wanda ake ce wa na Hornby, an gina shi ne musamman don wannan matsala. A. S. Hornby malamin Turanci ne a Japan, ya ga ɗalibansa sun san ma'anar kalma amma ba su san yadda ake jera ta ba. Aka fara buga ƙamus ɗin a Tokyo a 1942, Oxford ta fitar da shi a 1948. In ka buɗe shi za ka ga ƙirar jimla kusa da kalmar. A “discuss” za ka ga “discuss sth”, a “depend” za ka ga “depend on/upon sb/sth”. Wannan “sth” gajarta ce ta “something”, “sb” kuma ta “somebody”. In babu komai tsakanin aikatau da “sth”, to kada ka cusa komai. Wannan ɗan layin shi za ka kwafa a bayan littafinka, haɗe da jimla ɗaya daga fanninka. Kada ka rubuta “depend” sannan “dogara”. Rubuta “yield depends on rainfall”. Kana haddace su tare kamar kalma ɗaya, yadda ba ka taɓa raba “taya” da “murna” a zuciyarka ba.

Na biyu, farauta kafin ka kai aiki wurin malam. Tun da ido ba ya ganin irin wannan kuskure, sa kwamfuta ta nemo maka. In ka je shagon da ake buga maka aiki, buɗe fayil ɗin, danna Ctrl+F, ka rubuta `discuss`. Duk inda ya fito, dubi abin da ya biyo baya. Sai ka yi haka da `depend`, `arriv`, `emphasi`, `result`, `request` da `compris`. An datse wasu ne da gangan don binciken ya kamo kowace siga, ta yanzu da ta da. Babi ɗaya ba zai ci maka minti goma sha biyar ba.

Sai dai a yi hattara, kada gyara ya zama ɓarna. Ba duk inda ka ga “to” bayan “arrive” ne kuskure ba. “We arrived to find the office closed” daidai ne, domin wannan “to” ɗin na “find” ne, ba na wuri ba. Haka “We discussed it on Monday”: “on” ɗin na ranar ne. In kuma kalmar da ta fito suna ce, kamar “discussion” ko “a request”, bar mata firifozishan ɗinta. Sannan kuskuren yakan ɓuya nesa da aikatau. Na kama kaina na rubuta “I discussed with the farmers about storage”, inda “about” ya laɓe bayan kalmomi uku. Daidai shi ne “I discussed storage with the farmers.” Hanyar ganewa ita ce ka tambayi aikatau ɗin: tattauna me? In amsar ta fara da “about”, to akwai gyara.

Ina da roƙo biyu kafin in ajiye biro. Ga malamanmu, Allah ya saka da alheri, muna roƙon in an kewaye kalma da jan biro a ƙara rubuta ƙirar da ta dace a gefe, ko sau ɗaya ne. Kewaye kaɗai yana gaya wa ɗalibi ya yi kuskure, amma sau da yawa sai ya cire “to” ya sa wata da ita ma ba daidai ba. Ga ƙungiyar ɗalibai kuma, tutoriyal ɗin da ake shiryawa gab da jarrabawa a ware awa ɗaya, kowa ya zo da shafi ɗaya na rubutunsa, a yi musaya, a yi farautar aikatau bakwai ɗin nan. Ba a buƙatar kuɗi, ba a buƙatar baƙo daga Kano. Kuskuren da idonka ya kasa gani a takardarka, nan take za ka hango shi a ta abokinka.

Da na mayar da babin bayan gyara, Malam ya karanta shafin farko shiru, ya juya na biyu, sannan ya kewaye wuri ɗaya tak. Na rubuta “reply my questionnaire”, saboda a Hausa “amsa” ba ya buƙatar rakiya, alhali “reply” sai da “to”. Na ƙara shi a jerin bayan littafina, ya zama na takwas. Kai ma buɗe babinka na ɗaya yau da dare ka ƙirga naka.